Zoben Da Ya Ƙi Fita A Masai: Dutse Ne, Tsami Yake So

A gidaje da yawa masu masai na zama, akwai wani layi da ke zagaye tukunyar daidai inda ruwa yake tsayawa. Wani lokaci fari-fari ne, wani lokaci ruwan ƙasa, wani lokaci ja kamar an ɗiga manja. Uwargida ta zuba Haifo ta dirje, ya yi haske kwana biyu, sannan ya dawo. Ta sayo Hafik ta gwada, ya ragu kaɗan. Daga nan sai shawarar da ta fi kowace haɗari ta zo mata, ko daga maƙwabciya ko daga zuciyarta: tun da kowanne ya yi rabin aiki, bari a zuba su tare su cika shi. Wannan haɗin ne yake fitar da mutane daga banɗaki a guje suna tari, idanu na zubar da hawaye, kuma bayan hayaƙin ya lafa a tarar da zoben yana nan daram.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, mafi yawan irin wannan zobe ba dauɗa ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse yana ratsa duwatsu kafin ya iso tanki, kuma a hanya yana narkar da ma'adinai, musamman kalsiyam da magnisiyam. Idan suka yi yawa, sai ruwan ya zama wanda sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, wanda yake barin farin ɓawo a gindin butar lantarki da bakin famfo. Masana ruwa suna auna wannan da miligiram a cikin lita: ƙasa da 60 ruwa ne mai laushi, daga 120 zuwa sama an shiga mai tauri, abin da ya haura 180 kuwa mai tauri ne ƙwarai. A wuraren da ƙasarsu ke da dutsen farar ƙasa, irin yankin Kalambaina a Sakkwato inda ake haƙar shi don yin siminti, ba abin mamaki ba ne ruwan ƙasa ya zo da wannan kaya.

A cikin masai, ruwa yana zaune wuri ɗaya, kuma a gefensa, inda ya haɗu da iska, yana bushewa a hankali. Ruwan ya tafi, ma'adinin ya zauna. Abin da yake zaman shi ne kalsiyam kabonet, wanda masana ke rubutawa CaCO3, wato sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa da ɓawon ƙwai. Lokacin hunturu da bazara, da iska ta bushe, abin ya fi sauri, kuma masan ɗakin baƙi da ba a cika shiga ba ya fi na kullum saurin yin zobe, domin babu mai kora ruwa ya sabunta shi. Wannan ɓawo yana da kaushi, tangaran kuwa santsi ne da shi. Don haka duk abin da da zai zame ya wuce, fitsari ne, tsatsa ce, ƙura ce, sai ya sami wurin maƙalewa. Launin da ake gani nasu ne, amma abin da ya riƙe su shi ne dutsen.

Shi ya sa ruwan bilic, wanda a Najeriya ake kira da sunan Haifo ko Jik, a Nijar kuma ruwan jabel, ba ya raba gardama. Aikinsa kashe ƙwayoyin cuta da kore launi, kuma ya iya aikinsa. Amma ba ya narkar da dutse. Yana faranta zoben, ido ya ga kamar ya tafi, alhali kaushin yana nan yana jiran sabon launi. Idan ma jan na tsatsa ne, bilic ƙara kafa shi yake yi, domin yana mayar da ƙarfen da ke narke a ruwa ya zama tsatsa sosai. Toka da kanwa, waɗanda iyayenmu suka dogara da su wajen wanke tukunya mai maiƙo, su ma ba su da abin yi a nan. Suna cin maiƙo, amma su da dutsen farar ƙasa 'yan ɓangare ɗaya ne. Abin da ke cin wannan ɓawo shi ne tsami, wato asid.

Kafin a zuba komai, a sa safar hannu ta roba a shafa wurin da yatsa. Idan an ji kaushi, ma'adini ne, ko da wane launi ya zo. Fari ko toka-toka na kalsiyam ne tsantsa. Ja ko ruwan lemo alamar ƙarfe ce a ruwan, ko tsohon bututu da ya yi tsatsa. Rawaya mai duhu da ke can ƙasan wuya yana wari, galibi gishirin fitsari ne ya daskare tare da ma'adinin, kuma shi ya fi taurin kai. Duk waɗannan tsami ne maganinsu. Idan kuwa an ji santsi da yauƙi, launin ya yi ruwan hoda ko baƙi, kuma burushi yana ɗauke shi nan take, wannan abu ne mai rai, ƙwayoyin cuta ko fumfuna, kuma a nan ne bilic yake da gaskiya. Akwai baƙin da yake da kaushi, wanda wani ma'adini mai suna manganis ke kawowa. Shi ma yatsa ne zai bambance shi.

Tsamin da ya dace da gida iri biyu ne. Akwai ruwan kal fari, wato binega, wanda yawanci kashi 5 cikin ɗari ne asid a cikinsa, sauran ruwa ne. Akwai kuma garin asid sitirik, farin gari mai kama da sukari da masu haɗa lemo da alawa suke saye a shagunan kayan haɗi, shi ne tsamin da ke cikin lemun tsami. A ganina garin ya fi: ba shi da wari, ya fi araha idan aka lissafa ƙarfinsa, ana iya haɗa shi ya fi ruwan kal ƙarfi, kuma ya fi iya kama tsatsa. Lemun tsami na gaske yana aiki, amma kafin a matse wanda zai wanke masai an yi ɓarnar da ba ta da dalili.

Mu ɗauki gida mai burtsatse, masan ɗakin baƙi ya shekara ba a kula da shi ba, zoben ya yi kauri har farce yana kama bakinsa, launinsa ruwan ƙasa, kuma akwai wasu layuka da suka gangaro daga ƙarƙashin baki zuwa ruwa.

Aikin farko ba zuba tsami ba ne, tabbatar da cewa babu bilic a wurin ne. A buɗe murfin tankin a duba ko an jefa irin dunƙulen nan mai sa ruwa shuɗi ko fari, a kuma cire wanda ake rataya a bakin tukunya, domin wasunsu suna ɗauke da kilorin. Idan an wanke da bilic a ranar, a kora ruwa sau biyu ko uku, ko ma a bari sai gobe. A buɗe taga da ƙofa.

Sai rage ruwa, kuma wannan ne matakin da yawancin mutane ke tsallakewa sannan su ce ruwan kal ba ya aiki. A wuyan masai akwai ruwan da ya kai lita ɗaya zuwa biyu. Idan aka zuba kofi ɗaya na ruwan kal a cikin lita ɗaya da rabi, tsamin da yake kashi 5 ya koma ƙasa da kashi 1, kuma zoben ma yana gefe, rabinsa a saman ruwa inda tsamin ba ya taɓawa. Don haka a rufe makunnin ruwa da ke bayan masai, a kora abin da ke tanki, sannan a yi ta tura burushi cikin wuya da sauri, ruwan zai riƙa tsallakawa yana raguwa. Abin da ya rage a kwashe da yankakkiyar robar ruwa, har zoben ya fito fili da tazarar yatsu uku ko huɗu. Ba sai an ƙafe shi ƙaf ba, ragowar ruwan ne ke tare warin sokawe.

A haɗa cokali huɗu na cin abinci na garin sitirik, kimanin giram 50, a rabin lita na ruwan ɗumi, wato cikin ledar ruwa guda. Wannan ya ba da tsami mai ƙarfin kashi 10, ninki biyu na ruwan kal. Ɗumi, ba tafasasshe ba: ɗumi yana hanzarta aikin, amma tafasasshen ruwa yana iya tsaga tangaran mai sanyi, kuma tsagar masai ba ta da gyara. Wanda ruwan kal yake da shi, ya yi amfani da shi yadda yake, kada ya sirka. A ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa kaɗan a ciki don ya ratsa maiƙon da ke saman ɓawon.

Matsalar da ta rage ita ce ruwa ba ya tsayawa a bango. Maganinta takardar banɗaki: a nannaɗe ta, a jiƙa ta sharkaf da haɗin, a manna ta a kan zoben ta zagaye shi, a cusa wata a ƙarƙashin baki inda ramukan ruwa suke, a shimfiɗa wata a kan layukan da suka gangaro. Sauran haɗin a zuba shi cikin wuya. Wanda ya kasa kunne zai ji ɗan sauti siriri, ya ga ƙananan kumfa a gefen takardar. Wannan ita ce shaidar cewa tsami ya sami dutse yana ci, iskar da ke fita kuwa irin ta lemon kwalba ce, ba ta cutarwa a wannan ɗan adadi. A rufe murfin don kada takardar ta bushe, a gaya wa mutanen gida kada kowa ya shiga, a tafi. Zobe sabo awa ɗaya ya ishe shi. Irin na misalinmu sai ya kwana, kuma idan ana hunturu a leƙa kafin a kwanta a ƙara jiƙa takardar, domin busasshen tsami ba ya aiki.

Da safe a kwashe takardar a jefa a shara, kada a kora ta dunƙule ɗaya ta toshe bututu. A dirje da burushi. Abin da za a gani shi ne ɓawon ya yi laushi, yana fita ɓarɓashi-ɓarɓashi, wani wurin ya fita tas, wani wurin ya rage. Wannan ba gazawa ba ce, lissafi ne. Lita guda ta ruwan kal, ko da ta yi aiki har ƙarshen ƙarfinta, abin da za ta narkar bai wuce giram 40 da 'yan kai na dutsen ba, kuma takardar da ke manne ba ta riƙe ko kusa da lita. Tsamin yana ƙarewa ne, kamar kuɗin cefane. Idan kumfa ta tsaya alhali kaushi yana nan, sabon haɗi ake buƙata, ba ƙarin ƙarfin dantse ba. Ɓawon shekara guda yana iya cin zagaye biyu ko uku.

Abin da ya saura bayan haka aikin gogewa ne, kuma a nan ake lalata masai da yawa. Santsin tangaran wani siririn gilashi ne da aka gasa a samansa. Soson ƙarfe yana barin baƙaƙen zane a kansa, wuƙa da yashi suna karce shi, kuma duk inda ya karce nan ne sabon zobe zai fi saurin kamawa, har abada. Abin da ya dace shi ne dutsen goge kaushi na ainihi, mai ramuka, marar nauyi, wanda idan aka jefa shi a ruwa yake tasowa. Ba kowane dutsen da ake sayarwa don ƙafa ne wannan ba, wasu masu nauyi ne da za su ci tangaran. A jiƙa dutsen, a jiƙa wurin, a goga a hankali. Dutsen ne zai riƙa cinyewa yana zama toka-toka, haka ake so. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kuma kada a kai shi kan murfin roba. Wanda bai samu ba, ya kwaɓa bekin soda da sabulun wanke-wanke ya yi kauri, ya goga da soso mai laushi bayan ya ɗauraye tsamin.

Tun da an ambaci bekin soda, akwai shawarar da ta yi suna: a barbaɗa shi a masai, a zuba ruwan kal a kai, a ga kumfa ta taso. Ba shi da haɗari idan a buɗe aka yi, kuma yana da daɗin kallo. Amma kumfar nan ita ce tsamin yana mutuwa. Kofi ɗaya na ruwan kal, mililita 250, yana ɗauke da asid giram 12 da rabi, kuma bekin soda giram 17 zuwa 18, cokali ɗaya mai tozo, ya isa ya kashe shi gaba ɗaya. Abin da ya rage ruwa ne da wani gishiri da ba ya cin komai. An sayi abu biyu an sa su sun cinye juna, dutsen yana kallo. Amfaninsu yana cikin jeri: tsami ya gama nasa, a ɗauraye, sannan soda ya zo ya goge. Kuma kada a taɓa haɗa su a rufaffiyar kwalba, iskar tana iya fasa ta.

Abubuwan da za su iya zama tare lafiya ba su da yawa, kuma sun isa. Ruwan kal da garin sitirik ko lemun tsami duk tsami ne, ba sa faɗa. Kowannensu yana zama da sabulun wanke-wanke na ruwa, muddin ba mai bilic ba ne. Sabulun salo da na soda kuwa tsami yana tsinka su su zama maiƙo, babu haɗari amma babu amfani. Bekin soda yana zama da sabulu kowane iri. Iyakar ke nan.

Shi kuwa bilic, abokin tafiyarsa ruwa ne kawai. Idan ya haɗu da kowane irin tsami, mai ƙarfi ko marar ƙarfi, har da ruwan kal da lemun tsami, yana sakin iskar kilorin, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a shekarar 1915. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi ninki biyu da rabi, don haka tana taruwa a ƙasa da cikin tukunyar, daidai inda mai dirza ya sunkuyar da fuska, a ɗaki mafi ƙanƙanta a gidan. Abin da ya sa tarkon ya yi kusa shi ne, magungunan wanke masai masu kauri da ake sayarwa a kwalba mai lanƙwasasshen wuya, da yawansu asid haidurokulorik ne a ciki, wanda ake rubutawa HCl, wasu kuma masu irin wannan kwalba bilic ne a cikinsu, NaOCl. Kamfani ɗaya yana iya yin duka biyun, kowanne lafiya lau idan shi kaɗai aka zuba. Don haka ko kwalabe biyu masu suna ɗaya kada a haɗa. Bilic da amoniya, wadda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, suna ba da wata iskar mai ƙona huhu, kuma tsohon fitsari ma yana da amoniya, shi ya sa ake kora ruwa kafin a zuba bilic. Kada kuma a gauraya shi da Izal ko sifirit. Wanda yake son ya kashe ƙwayoyin cuta bayan ya cire zobe, ya buɗe makunni, ya kora ruwa sau uku, sannan ya zuba bilic shi kaɗai, ya bar shi minti goma.

Idan an riga an haɗa, alamar ba ta ɓuya: wari mai sarƙe maƙogwaro, tari, zafin ido da hanci. Kada a tsaya ƙarasa aiki, kada a tsaya neman abin da zai kashe haɗin. A fita nan take, a bar taga a buɗe, a janye yara da masu asma daga wajen, a zauna a iska. Idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15. Tarin da ya ƙi lafawa, ko nauyin ƙirji, ko numfashi da ƙyar, na asibiti ne, kuma yana iya tasowa bayan sa'o'i, lokacin da aka ɗauka an tsira. Shan madara ko manja ba ya kai wa huhu.

Akwai lokacin da mai HCl ɗin yake da wuri, musamman ga rawayan ɓawon da ke can cikin wuya wanda sitirik ya yi zagaye uku bai gama da shi ba. A yi amfani da shi shi kaɗai, da safar hannu, taga a buɗe, na ɗan lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar, ba kwana ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗanyen asid na jarka da masu sa tayil ke wanke siminti da shi, balle ruwan batir. Na farko hayaƙinsa yana cin maƙullan ƙarfe da famfo, ɗigonsa yana ƙona fata. Na biyun kuwa, bayan haɗarinsa, idan ya haɗu da kalsiyam wani farin abu yake yi wanda shi ma da ƙyar yake narkewa, ya lulluɓe ɓawon ya tsayar da aikin. Ko tsami marar ƙarfi ma a kiyaye shi daga daɓen tarazo da mabul da siminti tsirara, domin dutsen da ake son ya ci a masai shi ne a cikinsu. Inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan da nan.

Saura layukan nan da suka gangaro daga baki a misalinmu. Zobe na zaunannen ruwa ne, layi kuwa na ruwa mai tsiyaya ne: robar da ke toshe gindin tanki ta gaji, ruwa yana zurara dare da rana ba a ji, yana bushewa a hanya. A gwada da kalar abinci. A ɗiga ta cikin tanki, kada a kora, a dawo bayan rabin awa. Idan ruwan tukunya ya canza launi, robar ce, kuma mai gyaran famfo zai canza ta da kuɗi kaɗan. In ba haka ba, layukan za su dawo komai yawan sitirik da aka kashe.

Zoben kansa ma zai dawo, domin ruwan burtsatsen bai canza ba. Bambancin shi ne na mako guda siriri ne: cokali ɗaya na sitirik a ruwan tukunya da daddare, a shafa shi a gefe da burushi, a sake dirzawa da safe, ya wadatar, kuma masan baƙi a riƙa kora masa ruwa duk bayan kwana biyu ko uku ko da babu baƙo. Idan kuwa an yi duk wannan, yatsa ya ji babu tudun ɓawo amma wurin ya dushe, launi yana zaune a cikin zane-zane, to ba ma'adini ya rage ba, santsin tangaran ɗin ne aka riga aka cinye da soson ƙarfe ko ɗanyen asid a baya. Wannan babu haɗin da zai mayar da shi, sai dai a riƙa wanke shi akai-akai har ranar da za a canza tukunyar.